Alƙaluma Biyar Da Suka Ishi Ƙaramin Kamfanin Dakon Kaya A Zaman Ƙarshen Wata

Idan ka tambayi mai motocin dakon kaya yadda watan jiya ya kasance, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinsa ita ce yawan sawun da motoci suka yi da kuɗin da ya shigo. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Mota na iya yin sawu takwas daga Kano zuwa Abuja, ta dawo wayam a shida daga ciki. Kuɗi na iya shigowa a takarda alhali rabinsa yana hannun 'yan kasuwa bashi. Shi ya sa za ka ga kamfani motocinsa ba sa zama, direbobi ba hutu, amma ranar da injin mota ɗaya ya buga sai an nemo rance kafin a gyara.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya ɓangaren. Sun sa wa motoci tiraka, sun ɗauki yaro mai ilimin kwamfuta, duk ƙarshen wata ana kawo musu rahoto shafi goma mai ɗauke da zane-zane kala-kala. Ana dubawa, a jinjina kai, a ajiye a aljihun tebur. Ba a yanke shawarar komai a kai, domin abu talatin aka auna, kuma babu wanda ya san wanne ne zai fara kamawa.

Abin da ƙaramin kamfani ke buƙata alƙaluma ne kaɗan, huɗu ko biyar, waɗanda za su shiga shafi ɗaya. Wuyar aikin tana wajen zaɓe. Ni a ganina duk alƙalamin da zai shiga wannan shafi sai ya amsa tambaya uku. Shin akwai mutum a kamfanin da zai iya sauya shi da aikin hannunsa? Shin bayanansa suna nan a takardun da ake da su, kamar webil da rasit ɗin mai da littafin gareji? Sannan idan ya lalace, mun san abin da za mu yi ranar Litinin da safe? Farashin man gas a gidan mai ya faɗi tambaya ta farko, tun da babu wanda zai iya sauya shi a kamfanin. Ita kanta riba, duk da ita ake nema, ta faɗi tambaya ta uku. Riba sakamako ce. Idan ta ragu, tana shaida maka akwai ciwo, amma ba ta nuna maka inda yake. Akawu zai rubuta ta a saman shafin, sauran alƙaluman kuma su ne za su bayyana dalilinta.

Don maganar ta fito fili, bari mu ɗauki misalin wani kamfani. Na misali ne kawai, kuma na zaɓi lambobin don sauƙin lissafi, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Kamfanin yana Kano, yana da motoci shida masu ɗaukar tan goma-goma, yana kwasar kayan masarufi daga kasuwar Singa da hatsi daga Dawanau zuwa Abuja. Mu ɗauki tafiyar a kilomita 430, zuwa da dawowa 860. A watan da muke dubawa kowace mota ta yi sawu takwas a matsakaici, jimilla sawu 48, kilomita 41,280. Ana biyan naira dubu 400 a kan lodin zuwa. Sau 12 kawai aka samu lodin dawowa, a kan naira dubu 250 kowanne. Kuɗin da ya shigo ke nan miliyan 22 da dubu 200. Abin da aka kashe, har da mai da tayoyi da gyara da albashi da kuɗin hanya da abin da ake warewa don tsufan mota, ya kama miliyan 20 da dubu 640. Riba ta tsaya a miliyan 1 da dubu 560.

Alhaji mai kamfanin ya ga an yi juyin miliyan ashirin da biyu amma abin da ya rage bai kai biyu ba. Ina sauran ya tafi?

Wuri na farko da za a duba shi ne tafiyar da mota ta yi ba kaya. Lissafinsa ba wuya: a tara kilomitan da aka yi wayam, a raba da dukan kilomitan watan. A misalinmu an dawo wayam sau 36, wato kilomita 15,480 cikin 41,280. Kashi 37 da rabi ke nan cikin 100. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar da motocin suka yi, mai yana ƙonewa, taya tana cinyewa, direba yana cin alawus, babu mai biyan ko kwabo.

Ga inda abin yake taɓa aljihu. Idan aka raba abin da aka kashe da dukan kilomita, kowace kilomita ta ci naira 500. Amma mai kaya ba ya biyan kilomitar da aka yi wayam. Kilomita 25,800 ce kawai aka yi da kaya, kuma idan aka raba kuɗin da su sai ka ga kowace kilomita mai kaya ta ci naira 800. Duk wanda yake yanka farashi yana tunanin 500, alhali ainihin kuɗinsa 800 ne, zai daɗe yana yi wa mutane dako kyauta bai sani ba. A wannan lissafi lodi ɗaya zuwa Abuja yana cin naira dubu 344, ba dubu 215 ba.

Abin daɗin wannan alƙalami shi ne gyaransa yana saurin nunawa. Da an samu lodin dawowa 18 maimakon 12, da miliyan ɗaya da rabi ta ƙaru, kuma ƙarin kuɗin da za a kashe bai wuce ɗan man da nauyi ke ƙarawa da ladan 'yan dako da na ɗan kamasho ba. Lodi shida kacal sun kusa ninka ribar watan. Don haka idan wannan lamba ta hau, abin yi a bayyane yake: wani ya ɗauki waya tun motar ba ta bar Kano ba, ya nemi masu kayan gini a Dei-Dei, ko masu doya, ko kamfanonin da ke mayar da kiret da fanko arewa. Neman lodin dawowa aikin ofis ne. Barinsa a hannun direba bayan ya sauke kaya ya gaji, shi ke jawo ko dai ya dawo wayam, ko ya ɗauko lodin da ofis ba zai taɓa jin labarinsa ba.

Sai dai wannan alƙalami yana da haɗari idan aka bar shi shi kaɗai. Ka ce wa direbobi daga yau kada wanda ya dawo ba kaya, za su bi umarni. Za ka tarar da mota ta yi kwana huɗu a fake a Zuba, direba yana kwance a inuwar bodi yana jiran ɗan kamasho ya kira. A takarda tafiya wayam ta ragu, amma sawu ya ragu tare da ita, kuma ɗan kasuwar Singa da aka yi wa alƙawarin mota ranar Laraba ya kira wani. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Charles Goodhart, ya yi nuni da wannan tun 1975 lokacin da yake magana a kan manufofin kuɗi: da zarar an mayar da wani ma'auni abin matsa wa mutane, sai ya daina faɗin gaskiyar da yake faɗi a da. Maganin abin shi ne kowane alƙalami a haɗa shi da wani da zai tona asirinsa idan an yi masa dabara.

Abokin tafiyar alƙalamin farko shi ne kwanakin aikin mota. Motoci shida a kwanakin aiki 26 suna ba da kwana 156. A cikinsu kwana nawa mota ta kasance a kan hanya, ko tana lodi ko sauke kaya cikin lokacin da aka yi yarjejeniya? A misalinmu 132, kusan kashi 85 cikin 100. Kwana 24 sun tafi a zaune. Mota ko tana fake tana cin kuɗi, domin albashin direba da inshora da takardu da hayar fili ba sa tsayawa, ita ma tana ƙara tsufa. Idan irin waɗannan kuɗaɗe sun kama naira dubu 30 a rana a kan kowace mota, kwana 24 sun cinye dubu 720, kusan rabin ribar watan.

Jimillar ba ta wadatar ba, sai an rubuta dalilin kowace rana. Ana buɗe littafin sai aka ga kwana 11 na gareji ne, 8 na jiran lodi, 5 kuma mai kaya ne ya ƙi sauke kayansa da wuri. Kowanne maganinsa daban. A cikin sha ɗayan nan na gareji, tara mota ɗaya ce ta yi su tana jiran a kawo mata kayan giyabos, gyaran kansa yini guda ne. Wannan ba laifin bakanike ba ne, matsalar sayen kayan gyara ce, kuma tana iya zama matsalar kuɗi da ba a saki da wuri ba. Kwana biyar na jiran saukewa kuwa magana ce da za a yi da mai kaya: a rubuta a yarjejeniya cewa bayan awa 24 akwai kuɗin jira a kowace rana. Da wannan lissafi kuma ofis zai iya ba direba amsa a take idan ya kira daga Abuja ya ce, "Alhaji, an ce akwai lodi jibi, in jira?" Kwana ɗaya ko biyu don lodin dubu 250 da aka tabbatar da shi ya biya kansa, muddin babu alƙawarin da zai karye a Kano. Kwana biyar a kan ance-ance bai biya ba.

Na uku shi ne mai. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne auna shi da naira. Farashin gas yana hawa yana sauka, don haka kuɗin mai na iya ƙaruwa ba tare da wani ya yi laifi ba, yana iya raguwa kuma alhali ana tatsar tanki. A auna da lita: lita nawa mota ta sha a kowace kilomita 100. Kuma a auna kowace mota daban, domin matsakaicin motoci shida yana ɓoye wadda ke da matsala.

Hanyar yinsa daidai ita ce cika tanki zuwa cika tanki. A farkon wata a cika tanki fal, a rubuta abin da mitar mota ta nuna. A tara rasit ɗin duk man da aka zuba a tsakani. A ƙarshen wata a sake cikawa fal, a sake rubuta mita. Litar da aka zuba bayan cikon farko, har da ciko na ƙarshe, ita za a raba da kilomitan da aka yi a ninka da ɗari. Idan mitar ta mutu, kuma da yawa daga motocinmu haka suke, a yi amfani da tiraka, ko a ƙalla a ƙirga sawu a ninka da tsawon hanya da aka sani. Mu ce motocin kamfaninmu na misali suna shan wajen lita 25, amma ɗaya ta nuna 29. Ƙarin lita huɗu ba ya kama da wani abu sai an ninka. A kilomita 6,880 da ta yi a watan, lita 275 ke nan, idan lita tana naira 1,200 kuma dubu 330 ce daga mota ɗaya.

A nan ina roƙon masu motoci su yi haƙuri kafin su kira direba ɓarawo. Satar mai tana faruwa, babu mai musu. Amma taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, nozul da ya lalace yana ƙarawa, haka matatar iska da ta toshe da ƙurar hunturu, da birki mai kamawa, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da barin inji yana aiki a tsaye awanni a cikin cunkoso. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya ɓata wa kowa suna: a musanya direbobin motoci biyu na tsawon mako biyu a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya. Idan yawan shan man ya zauna da motar, aikin bakanike ne. Idan ya bi direban zuwa sabuwar mota, to ko salon tuƙinsa ne ko wani abu daban, sai a zauna da shi. Direban kirki da aka zarga ba hujja yakan tafi, kuma samun madadinsa ya fi lita 275 tsada.

Waɗannan ukun duk cikin gida suke kallo. Na huɗu shi ne wanda mai kaya yake gani, kuma shi ne ya fi buƙatar a tsaya a fayyace ma'anarsa: cikin lodin da aka kai, nawa ne suka isa a ranar alƙawari kuma a cike, babu ragi babu ɓarna? Manyan kamfanonin duniya sun ɗauki wannan da zafi. A 2017 kamfanin Walmart na Amurka ya fara cin masu kawo masa kaya tarar kashi 3 cikin 100 na kuɗin kayan da ba su zo a kan lokaci ko ba su zo a cike ba. Ɗan kasuwar Abuja ba zai ci ka tara ba. Zai yi shiru ne kawai, wata mai zuwa ka ga kayansa a motar wani.

Dalilin haɗa sharaɗin biyu wuri guda yana fitowa a lissafi. Kamfaninmu ya kai lodi 60, zuwa da dawowa. Guda 51 sun isa a kan lokaci, kashi 85. Guda 54 sun isa a cike, kashi 90. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi zai ce ba laifi. Amma tara sun makara, shida sun samu ragi ko jiƙewa ko fashewar katan, biyu ne kawai matsalar biyu ta haɗu a kansu. Lodi 13 ke nan suka ɓata wa mai kaya rai. Waɗanda suka fita tsaf 47 ne cikin 60, kashi 78. Fiye da lodi ɗaya cikin kowane biyar an samu abin cewa.

Wannan alƙalami ya fi kowanne saurin zama ƙarya, ba don mutane maƙaryata ba ne, sai don kowa da abin da yake nufi da "kan lokaci". Direba yana ganin ya isa tun da ya shiga gari da daddare. Mai kaya yana ganin bai isa ba sai an buɗe bodi a ƙofar sito. Manaja kuwa idan ya ga za a makara sai ya kira mai kaya ya ce a mayar da alƙawari gobe, ya rubuta an kai a kan lokaci. Dole a rubuta ƙa'ida ɗaya a liƙa a bangon ofis: ranar alƙawari ita ce wadda aka rubuta a webil lokacin lodi, ba a sauya ta sai idan mai kayan ne da kansa ya nema; lokacin isa shi ne wanda mai karɓa ya rubuta ya sa hannu; cika kuwa shi ne adadin da aka ƙirga a wajen saukewa ya yi daidai da na wajen lodi. Hannun mai karɓa ne shaida, ba bakin wanda ake aunawa ba.

Sha ukun nan da suka faɗi su ne ainihin abin tattaunawa. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa. Sau da yawa za a tarar makarar ba a hanya aka yi ta ba. Motar da ya kamata ta tashi da hantsi sai bayan la'asar aka gama lodinta, sai dare ya yi mata kafin Kaduna, direba ya kwana kamar yadda hankali ya ce. Idan shida cikin tara haka suke, gyaran yana wajen lodi a Kano. Idan kuma jiƙewa ce ta yawaita a watan Agusta, tamfol ne ya yage, kuma kuɗinsa bai kai na buhun sukari biyu ko uku da zai lalace ba.

Dole in tsaya a kan wani abu a nan, domin magana ce ta rai. Kada a ɗaura ladan direba a kan isa da wuri kaɗai. Wanda aka ce za a yanke masa alawus idan ya makara zai taka mota, zai yi tuƙi da barci a idonsa, zai bi hanya a lokacin da bai kamata ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun watan Fabrairun 2017, amma na'ura ba ta hana gyangyaɗi. Saboda haka a buɗe kowane zama da adadin haɗurra da waɗanda aka tsallake rijiya da baya, ko da sifili ne a faɗe shi. Ba na lissafa wannan cikin biyar ɗin, domin ba abin da za a yi cinikinsa da riba ba ne. Makarar da direba ya yi don ya tsaya ya huta, ko don ya ji labarin hanya ba lafiya, a rubuta ta a matsayin makara, amma kada a hukunta shi a kanta.

Na biyar shi ne kwanakin bashi. A ɗauki duk kuɗin da kamfani yake bin masu kaya a ranar ƙarshe ta wata, a raba da cinikin watan, a ninka da 30. Idan ana bin miliyan 29 da dubu 600, ciniki kuma miliyan 22 da dubu 200 ne, amsa kwana 40. Ma'ana, daga kai kaya zuwa shigowar kuɗi ana ɗaukar wajen kwana arba'in, alhali gidan mai a take yake karɓar nasa. Kowane kwana goma da aka rage yana dawo da kusan miliyan 7 da dubu 400 cikin asusu, kuɗin da da shi motar nan ba ta yi kwana tara tana jiran giyabos ba. A gefen lambar a rubuta sunayen waɗanda bashinsu ya haura kwana 60, domin mutum biyu ko uku na iya riƙe rabin kuɗin.

Kafin a ɗora laifi a kan masu kaya, a leƙa gaban mota. Webil ɗin da mai karɓa ya sa wa hannu yakan yi mako biyu a kan dashbod, rana ta ƙona shi, baƙin mai ya taɓa shi, an rubuta lambar wayar wani a bayansa. Sai ya iso ofis akawu zai rubuta takardar neman biya, kuma kamfanonin da ke biya bayan kwana 30 daga ranar da takardar ta isa gare su suke fara ƙirge. Idan aka sa doka cewa direba ya ɗauki hoton webil ya turo ta waya kafin ya bar wajen saukewa, an rage kwanaki ba tare da an yi cacar baki da kowa ba.

Ba kowane kamfani ne zai ɗauki waɗannan biyar ɗin yadda suke ba. Mai babura goma da ke raba saƙo cikin gari ba ruwansa da lodin dawowa. Shi abin da zai auna shi ne saƙo nawa aka miƙa a zuwan farko ba sai an koma ba, da kuma kuɗin da yaran suka karɓa a hannu nawa ya iso ofis a ranar. Mai dakon tumatir zuwa Legas zai fi damuwa da awannin hanya da kwandunan da suka lalace. Mai ƙetara iyaka zuwa Maraɗi zai ware kwanakin jiran takardu su zama layi na kansu. Tambayoyin nan uku na farko su ne ba sa sauyawa.

Shi zaman kansa kada ya wuce awa ɗaya, kuma a yi shi cikin makon farko na sabon wata tun mutane ba su manta abin da ya faru ba. A samu mai kamfani, da mai kula da motoci, da akawu, da babban bakanike, da wakilin direbobi. Wakilin direbobin nan ba don cika kujera ba ne, shi ne zai gaya muku cewa siton wane ba a buɗe shi sai bayan azahar. Kowane alƙalami a ba shi mai shi, mutum ɗaya da sunansa. A shafin a jera na wannan wata da na watanni uku da suka wuce, in akwai har da na irin wannan wata a bara, domin kasuwar kaka daban take da ta damina, kuma makonnin gab da azumi ba a kwatanta su da na bayan salla.

A kula da ƙananan lambobi. A kamfani mai lodi 60, lodi ɗaya ya kusa kashi biyu cikin ɗari. Tashi daga 78 zuwa 80 lodi ɗaya ne tak, bai isa a yi murna ko a yi faɗa a kansa ba. Ya fi kyau a riƙa rubuta 47 cikin 60 kusa da kason, a kuma jira a ga wata uku a jere suna tafiya gefe ɗaya kafin a ce an samu sauyi. Haka ma kada a aro buri daga wani kamfani mai tireloli ɗari. A yi wata uku ana aunawa kawai, ba lada ba hukunci, a ga inda ake. Daga nan sai a sa burin da za a iya kaiwa, kamar lodin dawowa daga 12 zuwa 16. Idan aka fara da hukunci tun watan farko, abin da za a koya wa ma'aikata shi ne gyaran takarda.

A tashi daga zaman da shawara biyu ko uku, kowace da sunan mai yi da ranar gamawa, kuma su za a fara karantawa a zama na gaba. A kamfaninmu na misali shawarar watan ba ta da wuyar ganewa: a fara neman lodin dawowa kwana biyu kafin mota ta tashi, a musanya direban motar da ke shan lita 29, a kuma riƙa turo hoton webil daga wajen saukewa. Alƙalamin da ya yi wata shida bai haifar da shawara ko ɗaya ba, a cire shi a sa wani.

Mai karatu, idan kana da motoci ko kana riƙe da littafin wani mai motoci, ba sai ka jira kwamfuta ba. Tattaro webil da rasit ɗin mai na watan jiya, ka ƙirga sau nawa motocinku suka dawo ba kaya, ka kai wa maigidan lambar kafin ya yanka farashin lodi na gaba.